Gaɓa Bakwai, Numfashi Ɗaya: Yadda Waƙar Sinanci Ke Reruwa da Hausa

A shekarar 1940 wata matashiyar mawaƙiya mai suna Yao Lee ta naɗi wata waƙa a birnin Shanghai, wadda Chen Gexin ya tsara wa kiɗa. Waƙar tana wasa furen wardi ne, wanda Sinawa ke kira meigui. Bayan shekara 11, wato a 1951, sai ga waƙar ta ɓulla a Amurka a bakin Frankie Laine da Turanci, har ta kai mataki na 3 a jerin waƙoƙin da aka fi saye. Wanda ya rubuta baitocin Turancin, wani ma'aikacin rediyo ne mai suna Wilfrid Thomas, kuma abin da ya yi ya isa a tsaya a duba. Kiɗan bai taɓa shi ba. Labarin kuwa ya sauya shi ɗungurungum, ya mai da shi bankwanan wani mutum da budurwarsa a ƙasar Malaya. A inda kalmar meigui take faɗowa, sai ya nemo kalmomin Turanci biyu masu ma'anar a ba da hanya, don kawai amonsu ya yi kama da nata.

Waƙa ta karɓu, amma ma'ana ta tafi. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin masu bandiri a Kano sun daɗe suna ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su ɗora masa yabon Annabi, ba tare da sun damu da abin da Ba'indiyen ya faɗa ba. Su ma Sinawa suna yi. Shahararriyar waƙar nan ta Teresa Teng ta 1979, Tian Mi Mi, karinta na wata waƙar gargajiya ce ta Indonesiya, aka zuba masa sababbin kalmomi. Wannan aron kari ne, kuma sana'a ce mai zaman kanta. Fassara ta fi shi wuya, domin mai fassara an ɗaure shi ta gefe biyu: dole abin da ya rubuta ya hau kiɗan da ya tarar, dole kuma ya faɗi abin da mai waƙar ya faɗa.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko lissafi ce. A Sinanci kowane harafi gaɓa ɗaya ce, kuma kusan kowace gaɓa tana ɗauke da ma'anarta. Wata, iska, gida, mutum, zuciya, kowannensu mawaƙi zai iya faɗarsa da buɗe baki sau ɗaya. Harshen ba ya tilasta wa mai magana ya nuna lokaci a jikin aikatau, kuma mawaƙi yana da damar yar da "ni" da "kai" idan mai sauraro zai gane. Saboda haka ɗango mai gaɓa bakwai, wanda Sinawa suka gada tun daga waƙoƙin zamanin daular Tang, yakan ɗauki cikakken hoto. Mai tsara kiɗa kuma yakan ba kowace gaɓa sautinta guda.

Hausa ba haka take tafiya ba. Yawancin kalmominmu gaɓa biyu ne ko uku, kuma aikatau ba ya fita sai da ɗan rakiya a gabansa, "ya" ko "ta" ko "suna". Korewa ma sau da yawa "ba" biyu take ci. Duk wanda ya gwada zai ga cewa fassarar ɗangon Sinanci kalma da kalma takan ninka tsawonsa, wani lokaci har da ɗori. Kiɗa kuwa ba ya ƙara gurbi don tausayin mai fassara. Sauti bakwai ne, numfashi ɗaya ne.

Matsala ta biyu ta kunnen Bahaushe ce. Waƙar Hausa, rubutacciya da ta baka, tana tafiya ne a kan nauyin gaɓa. Gaɓa mai gajeren wasali, kamar "gi" a cikin "gida", marar nauyi ce. Gaɓa mai dogon wasali, kamar "ƙo" a cikin "ƙofa", ko wadda baƙi ya rufe, kamar "is" a cikin "iska", mai nauyi ce. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, amma kunne yana ji, kuma da shi yake rarrabe kalmomi. Sinanci na Mandarin ba ya rarrabe kalma da tsawon wasali, don haka mawaƙin Beijing yana iya jan kowace gaɓa yadda ya ga dama. Bahaushe in ya ja gaɓa marar nauyi, ko ya daƙile mai nauyi, ya karya kari, wani lokaci ma ya faɗi abin da bai yi niyya ba.

Ɗango biyu a teburin aiki

Don a ga abin da ido, ga ɗango biyu da na tsara domin gwaji, a rubutun pinyin, wato haruffan boko da Sinawa ke amfani da su wajen buga harshensu a waya da kwamfuta:

Qiu feng chui guo jiu jia men
Yue xia bu jian deng wo ren

Kalmomin ɗango na farko, bi da bi, su ne: kaka, iska, kaɗawa, wucewa, tsoho, gida, ƙofa. Na biyu kuma: wata, ƙarƙashi, korewa, gani, jira, ni, mutum. Kowane ɗango yana da ɗan wurin shaƙar numfashi bayan gaɓa ta huɗu, kamar yadda aka saba a ɗango mai gaɓa bakwai, huɗu sannan uku. Ƙarshensu kuma, men da ren, suna amsa wa juna amo.

Mu ɗauka cewa raujin waƙar, wato hawa da saukar murya da tsawon kowane sauti, yana tafiya haka: gajere, dogo, gajere, dogo, a numfasa, sai dogo, dogo, sannan na ƙarshe wanda ake ja sosai murya tana sauka. In za a kwaikwaya da baki, ta-taa ta-taa, taa taa taaa.

Aikin farko shi ne fassarar ma'ana zalla, ba ruwanta da kiɗa. Za ta fito kamar haka: "Iskar kaka ta kaɗa ta wuce ƙofar tsohon gidanmu. A ƙarƙashin farin wata ban ga mai jirana ba." Ɗango na farko ya zama gaɓa 17, na biyu 15, alhali gurabe bakwai-bakwai ne. Wannan fassara ba ta reruwa, amma ba a yar da ita. Ana ajiye ta a gefe, ita ce ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi don a san abin da aka zubar.

Aiki na biyu shi ne a rufe ƙamus a saurari waƙar har sai an haddace raujinta, sannan a zana guraben a takarda. A yi alama a kan gajeren sauti da dogo, da wurin numfashi, da sautin da ya fi kowanne tashi sama. Masu wannan sana'a sukan fara rera raujin da gaɓoɓin banza irin ta-taa ɗin nan kafin su sa kalma ko ɗaya, domin baki ya san siffar abin da ake nema.

Sai a tambayi kai: a cikin kalmomi bakwai ɗin nan, wanne ne ran ɗangon? A nan ne za a ci karo da kalmar farko, qiu. Lokaci ne da ke zuwa bayan zafi kafin tsananin sanyi, kuma ƙamus zai ce kaka. To amma a waƙar Sinawa wannan lokaci ne na zubar ganye da kewa da tunanin rabuwa, tun ƙarnoni masu yawa. Kaka a wurin Bahaushe lokacin wadata ce, rumbu ya cika, ana bukukuwan aure, 'yan dambe sun fito. Wanda ya ji "iskar kaka" ba zai ji kewa ba, in ma bai zaci maganar kakarsa ake yi ba. Abin da ya fi kusa da wancan yanayi a wurinmu shi ne busasshiyar iskar hunturu da ɗarinta.

Gwaji na farko ke nan: "Iskar ɗari a ƙofa." Gaɓa bakwai cif, kuma numfashi ya faɗo daidai bayan ta huɗu. A takarda babu laifi. Amma a rera shi a kan raujin a ji. Gurbi na uku gajere ne, kuma a nan "ɗa" ta faɗo. Ɗari na sanyi dogon wasali gare shi a farko, ɗari na ƙirga kuwa gajere. Da an daƙile gaɓar, sanyi ya koma lissafi. Ga kuma "a" marar nauyi ta hau dogon sauti bayan numfashi, dole mawaƙi ya ja ta kamar mai neman abin faɗa. Ƙirgar gaɓa ta yi daidai, nauyi ya saɓa.

Saboda haka sai a koma a nemi kalmomin da siffarsu ta dace da guraben tun asali: marar nauyi, mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi, sai masu nauyi uku. "Gidanmu yau sai iska." A gwada: "gi" gajere, "dan" dogo, "mu" gajere, "yau" dogo, sannan "sai", "is", "ka". Kowace gaɓa ta zauna a mazauninta, kuma sautin ƙarshe da ake ja ya faɗo a kan buɗaɗɗen wasalin "a", wanda murya ke iya riƙewa ba wahala.

Me aka zubar? Ƙofa ta tafi, an daina ambaton lokacin shekara, kalmar "tsoho" ma babu ita. Me aka ƙara? "Yau" da "mu", waɗanda babu su a Sinancin. Amma "yau" tana yin aikin "tsoho", domin duk wanda ya ce gidanmu yau sai kaza, ya nuna cewa da ba haka yake ba. "Sai iska" kuma ta ɗauki kaɗawar iskar da kewar lokacin a haɗe, ta nuna gida ya zama kango. Kalmomi uku sun fita, amma abin da mai sauraro zai ji a ƙirjinsa yana nan.

Wata da wata

Ɗango na biyu ya zo da sauƙi ta wani gefen, domin wata yana magana da Sinawa da Hausawa duka. A ƙasar Sin cikar wata alama ce ta haɗuwar iyali. Suna da biki a ranar 15 ga wata na takwas na kalandarsu ta gargajiya, inda dangi ke taruwa su kalli wata tare, wanda yake nesa kuma ya kalle shi yana tuna gida. A irin wannan dare ne, a shekarar 1076, mawaƙi Su Shi ya rubuta wata waƙa yana kewar ƙanensa, wadda aka yi wa sabon kiɗa Teresa Teng ta rera a 1983. A wurinmu farin wata lokacin dandali ne da tatsuniya da gaɗa. Dalilan sun bambanta, amma sakamakon ɗaya ne: wata ya haska kuma babu kowa, abin tausayi ne a harsunan biyu. Don haka wata ba ya cikin abin da za a zubar.

Gwaji na farko: "Ga wata, ba mai jira." Shi ma gaɓa bakwai ne, kuma ya riƙe jiran. Sai dai a kan raujinmu "wa" ta hau dogon sauti, "ta" ta hau gajere. Wata na sama yana ƙarewa da dogon wasali ne murya tana sauka. In aka gajarce shi, abin da kunne zai kama shi ne "ga wata", wato ga wata mace daban. A waƙar kewa wannan ba ƙaramin ɓaranɓarama ba ne. Bugu da ƙari numfashi zai faɗo bayan "ba", ya raba ta da "mai jira", magana ta tsinke a tsakiya.

Gyaran shi ne "Farin wata, ba kowa." Nauyinsa ya yi daidai da na ɗango na farko gaɓa da gaɓa, kuma "farin" ta toshe ƙofar rashin fahimta, domin ba a cewa farin wata ana nufin mace. An samu amsa-amo tsakanin "iska" da "kowa". Amma an yi asarar abu mai tsada. Sinancin bai ce babu kowa ba, cewa ya yi babu wanda ke jirana, kuma a nan zafin yake.

A nan mai fassara yana da wata dabara da mawaƙanmu suka sani, wato satar ɗan lokaci daga dogon sauti a saƙa gaɓa marar nauyi. "Farin wata, ba mai jira." Gaɓa takwas ke nan. "Ba" da "mai" sun hau dogayen sautuka biyu, "ji" ta ɗan gutsuri ƙarshen na biyun, "ra" ta hau sautin da ake ja. Mai sauraro da wuya ya lura an ƙara wani abu. Idan mawaƙi ɗaya ne zai rera, wannan ce ta fi. Idan kuwa ƙungiya ce mai bin rubutaccen kiɗa, ko za a ɗora murya a kan hoton bidiyo inda ake ganin motsin leɓe, to "ba kowa" ta fi aminci. Wani wurin samun sarari shi ne inda mawaƙin Sin ya ja gaɓa ɗaya a kan sautuka biyu ko uku, abin da ya yawaita a waƙoƙinsu na gargajiya irin su Mo Li Hua. Kowane ɗaya daga cikin sautukan nan gurbi ne da Hausa za ta iya zuba gaɓarta.

Akwai wata riba a cikin "mai jira". Kalmar ren ba ta nuna namiji ko mace ba, haka ma "ni" da "kai" na Sinanci, har "shi" da "ita" ma furucinsu ɗaya ne sai a rubuce ake bambanta su. Shi ya sa waƙar soyayya ɗaya namiji zai rera, mace ta rera, ba a sauya komai ba. Hausa kuwa sai ta tambaya: ka ne ko ki, ya ne ko ta? "Mai" tana cikin 'yan kalmomin da ke kauce wa tambayar. Inda ba a iya kaucewa, sa'ar da aka yi ita ce nauyin kalmomin ɗaya ne, "ka" da "ki", "kai" da "ke", "ya" da "ta", don haka ana iya rubuta waƙa ɗaya kowane mawaƙi ya sauya abin da ya dace da shi ba tare da kari ya motsa ba.

Karin sauti da amsa-amo

Sinanci da Hausa duka harsuna ne masu karin sauti, wato hawa da saukar murya na sauya ma'anar kalma. Mandarin yana da guda huɗu: gaɓar ma tana iya zama uwa, ko wani tsiro da ake igiya da shi, ko doki, ko zagi, ya danganta da yadda aka ɗaga ko aka sauke ta. Hausa tana da na sama da na ƙasa da mai faɗowa. Mutum zai zaci wannan kamanci zai sauƙaƙa aiki, amma ba ya sauƙaƙawa, domin karin kalmar Sinanci ba shi da wata alaƙa da karin takwararta ta Hausa.

Abin da ya kamata a sani shi ne daga wane Sinanci waƙar ta fito. Waƙoƙin zamani na Mandarin ba su cika matsa wa kansu a kan bin karin kalmomi ba, rauji ne ke gaba, mahallin magana ya warware sauran. A wasanninsu na gargajiya na dandamali kuwa aibi ne rauji ya kifar da karin kalma, har suna da sunan da suke kiran laifin, daozi. Waƙoƙin harshen Kanton na Hong Kong, mai karin sauti shida, sun fi tsanani: marubuci yana zaɓen kalmomin da hawa da saukarsu ya bi na kiɗan sau da ƙafa. Ma'anar wannan ga mai fassara ita ce, raujin da ya tarar an ɗinka shi ne a jikin wasu kalmomi, ba nasa ba.

A Hausa, in za a kwatanta, nauyin gaɓa farilla ne, karin sauti kuma sunna mai ƙarfi. Ba kowace gaɓa ce za ta bi hawa da saukar rauji ba, kuma mai sauraro yana yafewa a tsakiyar ɗango. Wurare biyu ne ba ya yafewa: inda saɓanin ya haifi wata kalma daban, da kuma ƙarshen ɗango. Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna tun a 1980 cewa mawaƙan Hausa da dama ba a harafi kaɗai suke daidaita ƙarshen ɗangogi ba, har da karin sauti. A misalinmu "iska" tana farawa sama ta sauka, "jira" ma haka, kuma raujin yana sauka a ƙarshe. "Kowa" kuwa a sama take tafiya gaba ɗaya. Wannan dalili ne na biyu da ya sa "ba mai jira" ta fi zama daram a kunne.

Amsa-amo shi ne mafi arha a cikin kayan aikin, kuma shi ya sa yake da haɗari. Mandarin gaɓoɓinsa kusan 400 ne kacal in ba a lissafa karin sauti ba, kuma duk suna ƙarewa ne da wasali ko "n" ko "ng", sai 'yan kaɗan da "r". Masu waƙar gargajiya na arewacin Sin sun kasa amsa-amonsu gida 13, kuma waƙa takan kama gida ɗaya ta bi shi har ƙarshe, yawanci a ɗango na biyu da na huɗu. Hausa ma kusan duk kalmominta da wasali suke ƙarewa, kuma mun saba da babban amsa-amo da ke ratsa waƙa daga farko har ƙarshe. Don haka tsarin Sinawa yana shiga Hausa ba tare da gardama ba, abin da mai fassara zuwa Turanci zai yi sha'awa.

Haɗarin shi ne lalaci. Mutum yana iya cika ƙarshen kowane ɗango da "ba" ko "na" ko "wa" ya ce ya yi amsa-amo, ko ya jawo kalmar da ba ta da aiki don kawai ta ƙare da harafin da yake so. Alamar wannan ciwo ita ce, in ka cire kalmar ƙarshe ɗango bai rasa komai ba. A waƙar Sinanci sau da yawa kalma mafi nauyi ce ke zama a ƙarshe, a kan sautin da ake ja. Ya kamata Hausar ma ta ajiye kalma mai nauyin ma'ana a wurin. A kuma duba irin amon: sautin da za a ja na tsawon lokaci yana son wasali, ko "n" da "m" da hanci ke iya riƙewa. Gaɓar da ta ƙare da "k" ko "t" tana datse murya. A sama can kuma, inda murya ta fi tashi, "a" ta fi "i" da "u" sauƙin fita.

Yadda ake gane an dace

Wani malamin fassara na ƙasar New Zealand, Peter Low, ya kwatanta wannan aiki da gasar wasanni biyar da ɗan wasa ɗaya ke shiga: reruwa, ma'ana, zama daidai da yadda masu harshe ke magana, kari, da amsa-amo. Wanda ya ci gasar shi ne wanda jimillar makinsa ta fi yawa, ko da bai zo na ɗaya a kowanne ba. A misalinmu an rage wa ma'ana maki kaɗan, an taɓa kari da gaɓa ɗaya, don sauran su tsira. Ga mai fassara daga Sinanci zuwa Hausa, ma'ana ce kusan kullum ke biyan kuɗin, saboda ƙarancin gurbi. Gwanintar ita ce sanin wane ɓangare nata za a bayar. Sifa da bayanin wuri sukan tafi da sauƙi. Hoton da waƙar ta ginu a kansa, da kalmar da ke kan sauti mafi tsawo, da amshi, su ake karewa. Amshi ma ya fi kowane baiti cancantar ɓata lokaci, tunda shi za a maimaita, shi kuma mutane za su tafi da shi gida.

Akwai waƙoƙin da ba sa ba da kai. Wadda aka gina a kan wasa da kalmomi masu furuci ɗaya, abin da Sinanci ya yi arziki da shi, ko wadda ta cika da karin magana mai harafi huɗu da ke ɗauke da labarin tarihi sukutum, ba ta shiga gurabe bakwai na Hausa. Irin wannan gara a yi mata fassara biyu, ɗaya ta karantawa mai cikakkiyar ma'ana, ɗaya ta rerawa, a kuma faɗa wa jama'a wacce ce wacce. Wanda zai naɗa ya sayar kuma ya tuna cewa waƙar zamani tana da masu haƙƙi, sai da izininsu. A dokar Sin haƙƙin yana nan har shekara 50 bayan rasuwar marubuci. Waƙoƙin gargajiya irin Mo Li Hua ba su da wannan ƙaidi, don haka da su ya fi dacewa mai koyo ya fara.

Gwajin ƙarshe ba a takarda ake yin sa ba. A ba wani mawaƙi wanda bai san Sinancin ba ya rera, a lura da inda ya yi tuntuɓe, ko ya shaƙi numfashi a tsakiyar kalma, ko ya sauya wata kalma da kansa ba tare da ya sani ba. Wurin da ya sauya, akwai matsala a wurin, kuma sau da yawa abin da bakinsa ya kawo ya fi na takardar. Sannan a samo wanda bai taɓa ganin rubutun ba, a rera masa sau ɗaya, a ce ya maimaita abin da ya ji, ya kuma faɗi halin da mai waƙar yake ciki. In ya ce ɗari na ƙirga ya ji, ko ya tambaya wace ce watan da aka ce ga ta, sai a koma teburin aiki. In kuwa ya maimaita kalmomin daidai, ya ce wannan mutum ya dawo gida ne ya tarar babu mai jiransa, to ɗango biyu sun kammala, saura baitocin da ke gaba.